Rubutun bidiyon horar da ma'aikata: fara da gwajin, sannan ka rubuta fitowar

*"Assalamu alaikum. Ina sashen kula da ma'aikata a wani kamfani mai gidajen mai. An ɗora mini rubuta bidiyon horar da sababbin ma'aikata kan karɓar tanka da sauke mai. Oga ya ce kowace fitowa ta koyar da aiki ɗaya, ta ƙare da ɗan gwaji. Na cika shafi tara amma duk abin ya cakuɗe mini. Ta ina ake kamawa?"*

Wa alaikumus salam. Malam, ajiye shafi taran nan a gefe tukuna, za su yi amfani daga baya. Abin da za ka fara rubutawa shi ne gwajin da kowace fitowa za ta ƙare da shi, tun kafin ka rubuta ko kalma ɗaya ta mai magana. Gwajin ne zai nuna maka inda fitowa ta fara da inda ta tsaya, shi ne kuma zai gaya maka abin da za ka zubar.

Dalili kuwa, wanda ya fara da bayani ba ya sanin wurin tsayawa. Kana cikin maganar duba hatimin tanka sai ka tuna da waya mai sauke lantarki zuwa ƙasa, ka saka ta. Daga nan ka tuna da gobara, ka saka abin kashe wuta. Kafin ka farga fitowa ɗaya ta haɗiye aiki huɗu. In kuwa ka riga ka rubuta cewa a ƙarshe za a nuna wa ma'aikaci lambar hatimi da lambar da ke kan webil, wato takardar kayan da direba ya zo da ita, a tambaye shi ko a buɗe ko kada a buɗe, to duk maganar da ba za ta taimaka masa ya amsa wannan ba ka san ba gidanta ba ne.

Tun a 1962 Robert Mager ya fitar da ɗan littafinsa kan rubuta manufar koyarwa, kuma har yau masu wannan sana'a da shi suke aiki. Ya ce manufa ta ƙunshi abu uku: abin da mutum zai aikata wanda ido zai gani, halin da zai aikata shi a ciki, da mizanin da za a ce ya yi daidai. Saboda haka "ma'aikaci ya fahimci muhimmancin gwajin ruwa" ba manufa ba ce, domin babu kyamarar da za ta ɗauki fahimta. Wadda za ka iya aiki da ita ita ce: "In an ba shi sandar awo da man gwajin ruwa da ake shafa mata, mai sauya launi in ya taɓa ruwa, ma'aikaci zai gwada tankin ƙasa, ya karanta tsayin ruwan, ya yanke ko a sauke mai ko a dakata." Kana gama rubuta wannan jimla ka ga gwajinka ya fito da kansa daga ƙarshenta.

Sai yanka aikin. Sauke mai ba aiki ɗaya ba ne, jerin ayyuka ne, kuma hanyar gane iyakar kowanne mai sauƙi ce: aiki ɗaya yana da abin da ke tayar da shi, yana da kayan aikinsa, yana ƙarewa da wani hali da za ka iya nunawa da yatsa. Tanka ta shigo, an kashe inji, an sa wa tayoyi waigi, an killace wurin, an ajiye abin kashe wuta, an maƙala wayar ƙasa: wannan ɗaya ne, ya ƙare da mota a tsare. Duba webil da hatimi wani ne. Auna tankin ƙasa a san ko akwai wurin da zai ɗauki man wani ne. Gwajin ruwa wani ne. Haka haɗa tiyo da bakin tankin da ya dace, tsayuwa a kan aikin har man ya gama sauka, da awon ƙarshe da sa hannu. Ka ga sun kai bakwai ko takwas. In ka rubuta sunan fitowa ka ga "da" a tsakiya, kamar "auna tanki da gwajin ruwa", ka yi zargin biyu ne. Waɗannan biyun ma sanda ɗaya ake amfani da ita, a rami ɗaya, shi ya sa ake yawan haɗa su. Amma hukuncin da ma'aikaci zai yanke a ƙarshen kowanne daban ne, don haka ka raba su.

Game da tsawo, wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wanda ya duba kallo kusan miliyan 6.9 a dandalin karatu na edX, ya nuna cewa masu kallo ba kasafai suke wuce minti shida suna biye da bidiyo ba, komai tsawonsa. Ɗaliban intanet ne aka auna, ba ma'aikatan gidan mai ba, don haka kada ka mai da shida wata ƙa'ida. Ni dai a irin wannan aiki na hannu ina neman minti ɗaya da rabi zuwa uku. Fitowar da ta ƙi shiga cikin minti uku galibi aiki biyu ne suka ɓuya a cikinta.

Kafin ka zauna rubutu, je gidan man ranar da tanka za ta zo, ka tsaya kusa da wanda ya fi kowa iya aikin. Takardar ƙa'idar kamfani za ta ba ka matakai, amma ba za ta ba ka abin da hannunsa ya sani ba. Akwai tsohuwar dabara daga shirin horar da ma'aikatan masana'antu da Amurka ta kafa a 1940, wanda ake kira TWI, wanda kamfanin Toyota ya ɗauka daga baya: ka ja layi biyu a takarda ta zama gida uku, na farko mataki, na biyu abin lura a cikin matakin, na uku dalilinsa. Mataki: shafa man gwaji a sanda. Abin lura: a shafa siriri, a gefen da lambobi suke, bayan an goge sandar ta bushe. Dalili: in ya yi kauri yakan goge a bakin rami ko ya ba da layin da bai fita ba, in kuma sandar da danshi launin zai juya tun kafin ta shiga tanki. Gida na farko shi ne hotonka. Na biyu da na uku su ne muryarka. Idan ka ga ƙwararren ya yi abin da ya saɓa wa takarda, kada ka zaɓa da kanka. Kai wa jami'in kiyaye haɗari ya raba gardama a rubuce kafin a kunna kyamara.

Bari mu bi fitowar gwajin ruwa daga kai har ƙafa. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka in ya shiga tanki, ta murfin da bai rufu ba a damina ko ta wata ɓaraka, ƙasa yake kwanciya. Man gwajin da aka fi gani a gidajen mai, irin su Kolor Kut, ruwan ƙasa-ƙasa ne mai ɗan zinariya, in ya taɓa ruwa ya koma ja. Iyakar da za a dakatar da sauke mai kuwa takardar kamfaninku ce za ta faɗa. A nan mu ɗauka ta ce santimita 2, don misali kawai.

Gwajin da zan fara rubutawa shi ne wannan. Hoton ƙasan sanda ya cika allo, ja ya hau har santimita 3, layin ya fita sarai. Murya ta ce: "Ga abin da ka ciro daga tanki na biyu. Direba yana jira, ya ce yana da wata tafiyar. Me za ka yi?" Zaɓi uku: a sauke, tunda sabon mai zai rinjayi ruwan, a goge sanda a yi ta maimaitawa har a samu ƙasa da 2, ko a dakata, a rubuta santimita 3 a littafi, a kira manaja. Na ukun ne daidai. Lura da biyun farko: ba ƙirƙirarsu na yi don cike gurbi ba, su ne ainihin abin da mutum yake yi in direba ya tsaya masa a ka. Amsoshin kuskure daga bakin masu kula da aiki ake samo su. Tambaye su, "Wane kuskure sababbi suka fi yi a nan?" ka rubuta abin da suka faɗa kusan yadda suka faɗe shi.

Kwatanta wannan da gwajin da aka saba gani: "Wane launi man gwaji yake komawa in ya taɓa ruwa?" Wanda ya ji kalmar ja daƙiƙa arba'in da suka wuce zai ci, ko da bai san inda ake karanta lamba a sanda ba, ko da zai sauke man duk da jan. Irin wannan tambayar tana auna kunne ne. Ka sa wa kanka doka: kowane gwaji ya zama hoto ko ɗan guntun bidiyo na halin da ma'aikaci zai tarar a bakin aiki, tambayar kuma ta zama "me za ka yi?" ko "me ya ɓaci a nan?" Sannan hoton gwajin kada ya zama wanda aka nuna a cikin fitowar. In a darasi ja ya tsaya a rabin santimita, a gwaji ya zama 3, don mutum ya karanta da idonsa, ba ya tuno ba.

Yanzu da gwaji yake hannu, fitowar za ta rubutu cikin sauƙi. Ana rubuta ta gida biyu, hoto a hagu, murya a dama, kowane layi da lambarsa, don mai kyamara da mai tace bidiyo su san abin da ya hau kan me. Ga yadda za ta kasance:

4.1 Hoto: tanka a tsaye, ma'aikaci ya nufi murfin tanki na biyu da sanda da tsumma. Murya: "An auna tanki, akwai wuri. Kafin a haɗa tiyo, sai ka tabbatar babu ruwa a ƙasa."

4.2 Hoto: daga bayan kafaɗarsa, hannu yana goge ƙasan sanda. Murya: "Goge ta ta bushe. In da danshi, man gwajin zai yi ja tun a waje."

4.3 Hoto: kusa sosai, yatsa cikin safar hannu yana shafa man daga ƙasa zuwa santimita 10. Murya: "Shafa siriri, gefen lambobi."

4.4 Hoto: sanda tana sauka a hankali, sai zanen cikin tanki, ruwa a ƙasa, mai a sama, bakin sanda ya taɓa ƙasa. Murya: "Sauke ta a tsaye, a hankali, har ta taɓa ƙasa. Kada ka sake ta ta faɗa."

4.5 Hoto: hannu riƙe da sanda, ba motsi. Murya ta faɗi daƙiƙun da aka rubuta a jikin man gwajin, sannan ta yi shiru har su cika.

4.6 Hoto: sanda ta fito, kusa sosai, kibiya tana nuna layin. Murya: "Karanta inda jan ya tsaya. Nan rabin santimita ne. In bai kai biyu ba, rubuta ka ci gaba. In ya kai biyu ko ya wuce, dakata, rubuta, kira manaja."

4.7 Hoto: alƙalami yana cike gurbin a littafin awo. Daga nan sai gwaji.

Akwai abubuwa a cikin wannan da suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko, buɗewar jimla biyu ce kawai, tana gaya wa mai kallo yaushe ake wannan aikin. Babu gaisuwa, babu tarihin kamfani. In oga yana son ya yi jawabi, ba shi bidiyonsa na minti ɗaya a farkon jerin, kada ya shigo cikin fitowa ta huɗu. Na biyu, kyamara tana bayan kafaɗar ma'aikaci. In ka ɗauke shi ta gaba, damansa ta zama hagun mai kallo, sai sabon ma'aikaci ya riƙa juya abin a kansa kafin ya kwaikwaya. Na uku, murya ba ta faɗin abin da ido yake gani. Hoto ya riga ya nuna ana goge sanda, aikin murya shi ne ta ce "ta bushe" ta kuma faɗi dalili. Shirun nan na 4.5 kuwa mai tacewa zai so ya yanke shi don yana ganin ɓata lokaci ne; rubuta masa a gefe cewa a bar shi, domin ta nan ne mai kallo zai ji tsawon jiran a jikinsa.

Rubutu a kan allo ya zama kaɗan: lambar iyaka, da kalmomin da ma'aikaci zai gani a kan murfi da fom yadda suke, irin su PMS da AGO, wato fetur da dizal. Richard Mayer, wanda ya daɗe yana bincike kan koyo da hoto da murya, ya nuna cewa in aka jera wa mutum hoto mai motsi, da murya, da rubutun abin da muryar ke faɗa duk a lokaci guda, idonsa yakan rabu biyu koyon ya ragu. Wannan bai hana a tanadi rubutun ƙasa da za a iya kunnawa ba don masu matsalar ji.

In ma'aikatanku Hausa suka fi ji, rubuta muryar da Hausa tun daga farko. Wanda aka rubuta da Turanci aka fassara daga baya yakan ƙi zama a kan hoton, ka ga sanda ta riga ta fito daga rami mai magana bai gama cewa a sauke ta ba. Karanta kowane layi da ƙarfi, agogo a hannu, ka rubuta daƙiƙunsa a gefe. Sunayen kaya kuma ka ɗauko su daga bakin ma'aikata. Abin da suke kiran sandar a gidan man shi za ka kira ta.

Wani gwajin da yake nuna amfanin amsar kuskure mai kyau shi ne na fitowa ta uku, lissafin wuri. A ce tankin ƙasa lita 33,000 ne, kamfani ya ce kada a cika shi fiye da kashi 90 cikin ɗari, wato lita 29,700. Awo ya nuna akwai 20,500 a ciki. Ɗakin tankar da za a sauke yana ɗauke da 11,000. Zai shiga? Wanda ya cire daga 33,000 zai samu 12,500 ya ce bismillah. Wanda ya cire daga 29,700 zai samu 9,200 ya ce a'a. Lambobin da gangan aka zaɓe su yadda hanyar kuskure za ta ba da "e", hanyar daidai ta ba da "a'a". Da awon ya nuna 10,000, kowa zai ci, mai lissafin daidai da mai na kuskure, kuma ba ka gano komai ba.

Bayan amsa, dole a rubuta abin da za a ce wa wanda ya faɗi. "Ba daidai ba, sake gwadawa" ba ya koyar da kowa. Kowace amsar kuskure ta samu jimlarta: "Ruwa ba ya narkewa a cikin fetur, yana nan a ƙasa, kuma daga kusa da ƙasa famfo yake ja." Ko: "Ka cire daga cikakken tanki ne. Iyakarka 29,700." Sannan a mayar da shi layin da ya dace, a gwajin ruwa 4.6 ke nan, ba farkon bidiyo ba. In kuna da manhajar horarwa irin Moodle, kayan aikin H5P suna tsayar da bidiyo su sa tambaya, su kuma tura mutum daƙiƙar da ka zaɓa. In kuwa ta WhatsApp za a tura, ko a talabijin ɗin ofis za a kalla, sai ka gina tsayawar a cikin bidiyon: tambaya, hoto ya tsaya daƙiƙa bakwai ko takwas da ƙirge a gefe, sannan amsa da dalilin kowane zaɓi. Ka kuma tura wa kanka hoton sandar ta WhatsApp ɗin ka duba a ƙaramar waya mai arha, domin matse bidiyo yana cinye ƙananan lambobi, kuma gwajin da ba a iya karanta lambarsa ya mutu.

Mutane sukan tambaya ko a nuna yadda ake kuskure. A nuna, amma bayan an nuna daidai, gajere, da alama a allo, kuma mafi kyawun wurinsa cikin gwajin ne: "me ya ɓaci a nan?" In ka buɗe fitowa da wasan kwaikwayon ma'aikaci mai shirme don a yi dariya, shirmen ne zai zauna a kai. Haka nan ka sa ido kan bayan hoto. In mai nuna gwajin ruwa yana sanye da silifas, ko wani yana danna waya kusa da rami, ka koyar da wannan ma ba da saninka ba. Rubuta kayan kariyar da za a sa a saman kowace fitowa. Ita kanta ɗaukar, kyamara da fitilu kusa da tururin fetur ba abin wasa ba ne. Jami'in kiyaye haɗari ne zai faɗi inda za a tsaya, kuma hotunan kusa na sanda da littafi ana iya ɗaukarsu nesa da tanki.

Kafin a kashe kuɗin ɗauka, gwada rubutun. Ɗauki hotunan matakan, ka jera su, ka karanta muryar da bakinka ga mutum huɗu ko biyar da ba su taɓa aikin ba. Amma fara ba wasunsu gwajin kaɗai, ba tare da darasin ba. In sun ci, gwajin ya yi arha, ko kuma amsar daidai ta fi sauran tsawo da kyan lafazi har ta tona kanta. In tsofaffin ma'aikata suka faɗi, ko tambayar ce mai harshen damo, ko abin da ake yi a fili ya bar takarda, kuma wannan labari ne da ya kamata oga ya ji. In sababbin da suka saurari darasin duk suka taru a kan amsar kuskure guda, koma cikin fitowar, akwai layin da ya kai su can.

Kowace fitowa ta tsaya da ƙafarta: kada ka rubuta "kamar yadda muka gani ɗazu", kuma a ajiye kowacce a fayil ɗinta da lamba da kwanan wata. Ran da kamfani ya sauya iyakar ruwa ko fom ɗin awo, fitowa ta huɗu kaɗai za a sake.

Gwajin allo yana nuna mutum ya san hukuncin da zai yanke, amma bai nuna hannunsa ya iya shafa man siriri ko sauke sanda a tsaye ba. Saboda haka daga gida na biyu na takardar nan mai gida uku, fitar da ɗan jerin dubawa na layi biyar ko shida ga kowace fitowa: sanda ta bushe, shafi siriri, ta taɓa ƙasa, an jira, an karanta daidai, an rubuta. Manajan gidan mai ya riƙe shi ya tsaya kan sabon ma'aikaci ranar da tanka ta zo, ya sa hannu in ya ga ya yi, kafin a bar shi ya karɓi tanka shi kaɗai.